Abin da ma'aikacin banki ke hangowa a takardun hasashen mai neman rance

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tudun Wada, Zariya: "Assalamu alaikum. Na kai wa banki takardun neman rance don faɗaɗa sana'ata. Wani akanta ne ya tsara mini hasashen shekara uku da jadawalai kusan goma, ribar da ta fito kuma mai kyau ce ƙwarai. Bayan sati biyu suka dawo mini da su, wai lissafin bai zauna ba. Don Allah me suke gani a ciki wanda ni ban gani ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya buɗa kasuwa.

Na yi shekaru ina zaune a teburin da irin waɗannan takardu ke sauka, kuma zan gaya maka yadda hannuna yake tafiya idan fayil ya zo. Shafin riba shi ne na ƙarshe da nake buɗewa. Ina fara ɗora bayanan asusun mutum na wata goma sha biyu a hannun dama, in ɗora hasashensa a hannun hagu, sannan in jera ƙananan jadawalan a tsakiya: na ciniki, na sayen kaya, na albashi, na masu bashi, na biyan rance. Abin da nake nema guda ɗaya ne, ko waɗannan takardu labarin kasuwanci ɗaya suke bayarwa. Kowace lamba da ke babban shafi tana da uwa a wani jadawali, kowane jadawali kuma yana da shaida a waje, ko rasit, ko takardar kuɗin wuta, ko shigar kuɗi a asusu. Inda lamba ta rasa uwa, ko takardu biyu suka saɓa wa juna, a nan nake sa jan biro.

Tunda ban ga takardunka ba, bari in ɗauko wani fayil da ya taɓa wucewa ta hannuna, na wani bawan Allah mai injin niƙa garin masara a bakin hanyar Jos, wajen Dakace. Na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi, amma ƙashin maganar yana nan yadda yake. Mutumin kirki ne, ya san masara kamar yunwar cikinsa. Yana niƙa buhu 250 a wata da tsohon inji, yana son naira miliyan 40 na shekara uku: miliyan 28 na sabon inji mai cin buhu 5 a awa, miliyan 12 na janareto.

Abu na farko da ya tsaya mini a ido shi ne tsallen da ciniki ya yi. Asusunsa ya nuna kuɗin da ke shigowa a wata bai wuce miliyan 14 ba in aka daidaita shekarar. Hasashen kuwa ya ce a watan farko bayan karɓar rance za a sayar da gari na miliyan 86 da ɗoriya, kuma haka lambar ta tafi wata bayan wata, ba hawa ba sauka. Ninki shida ke nan a dare ɗaya. Ba haramun ba ne kasuwa ta ninka, amma dole in tambaya: wa zai saya? Da na tambaye shi sai ya ce ai mutanen Zariya ba sa fashin tuwo. Gaskiya ya faɗa, sai dai tuwon da ake ci yau a Sabon Gari da Samaru da cikin birni akwai wanda yake sayar da garinsa tun kafin sabon injin ya zo. Duk buhun da zai ƙara sayarwa daga hannun wani zai ƙwato shi, ko da sauƙin farashi ko da bayar da bashi, kuma duka biyun suna da tsada. Abin da zai kwantar mini da hankali shi ne sunayen dilolin da ke ɗauka yanzu, nawa kowa ke ɗauka, da wata takarda ko da ta hannu ce daga sababbin da suka ce za su ɗauka. Babu ko ɗaya a fayil ɗin.

Akwai kuma maganar lokaci. Takardar farashin injin ta ce za a kawo shi bayan sati goma da biyan kuɗi, kafawa da gwaji kuma wani sati biyu ne. Wata uku ke nan babu ko mudu ɗaya daga sabon inji, amma hasashen ya fara ƙirga cikakken ciniki tun watan da aka sa hannu. Takardar farashin kanta ta kwana wata takwas, kuma babu kuɗin mota, babu na kafawa, babu na jawo waya. Inji irin wannan daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta yi tun daga Yunin 2023 ya san takardar wata takwas tarihi ce.

Sai na koma kan abin da ya fi komai nauyi a wannan fayil, wato haɗa jadawalin sayen masara da na sayar da gari. Akantan ya yi lissafi kamar haka: buhu 5 a awa, awa 8 a rana, kwana 30 a wata, ya ba da buhu 1,200 na masara mai kilo ɗari-ɗari. A jadawalin ciniki kuma ya rubuta ƙananan buhunan gari 2,400 masu kilo hamsin-hamsin. Ka ga inda gizo ke saƙar? Kilo 120,000 na masara ya shiga inji, kilo 120,000 na gari ya fito. Ko yarinyar da ake aika kai surfe ta san ba haka abin yake ba. Akwai dusa, akwai tsakuwa da ƙaiƙayi, akwai abin da ke tashi a iska. Na ce wa mai injin ya kawo mini littafin da yaransa ke rubuta aikin yini. Ya kawo, wani littafin makaranta mai bango ja, duk ya yi fari da gari. A ciki, da rubutun yaronsa, kowane buhu yana ba da gari kilo 70 ko kusa da haka, dusa kilo 25, sauran ya bi iska. Shi mai injin ya san wannan sarai. Akantan ne bai taɓa tsayawa a bakin inji ba, shi kuma bai karanta abin da aka rubuta da sunansa ba.

To mu yi lissafin buhu ɗaya, domin a nan gaskiyar sana'ar take. Masara a lokacin naira 50,000 ne buhu. Ƙaramin buhun gari 36,000, wato naira 720 kilo, don haka kilo 70 ya ba da 50,400. Dusa ana sayar wa masu kiwo naira 250 kilo, kilo 25 ya ba da 6,250. A haɗa, buhun da aka saya 50,000 ya dawo da 56,650. Abin da ya hau kai 6,650 ne. A takardar akanta kuwa buhu ɗaya yana dawo da 72,000, riba 22,000. Kuskure ɗaya a layi ɗaya ya ninka ribar fiye da sau uku, kuma ya bi duk shafukan da ke gaba har shekara ta uku. Wani abin lura, akantan bai sa kuɗin dusa ba ko kaɗan, alhali kusan duk abin da mai injin ke samu daga dusar yake fitowa. Garin kansa da ƙyar yake mayar da kuɗin masara. Idan na ga hasashen da ya manta da inda ainihin ribar sana'a take, na san wanda ya rubuta bai san sana'ar ba, daga nan kuma kowace lamba sai na sake auna ta.

Kowace sana'a tana da irin wannan ma'auni nata. Mai kaji yana da yawan da ke mutuwa da yawan ƙwan da kaza ɗari ke yi a rana. Mai burodi yana da adadin da buhun fulawa ke fitarwa. Mai makaranta yana da yaran da aji ke ɗauka da iyayen da ba sa biya sai ƙarshen zango. Ban san taka sana'ar ba, Alhaji, amma ka nemo wannan ma'aunin a takardunka ka gwada shi da abin da idonka ke gani kullum.

Awa 8 a kwana 30 ma ba ta tsaya ba. Babu Juma'a a ciki, babu sallah, babu ranar da bel zai tsinke ko rariya ta yage a jira a kawo daga Kano, babu ɗauke wuta. Na mayar da shi awa 6 a kwana 25, ya zama buhu 750 a wata. Ko wannan ninki uku ne na abin da yake yi, na dai bar masa shi don in ga ko lissafin zai tsaya a kan mafi kyawun zato.

Daga nan sai jadawalin kashe-kashe, wanda a nan ne aka fi yin rowa. An rubuta kuɗin wuta naira 150,000 a wata, daidai da abin da yake biya da tsohon inji. Takardar sabon injin ta nuna motocinsa gaba ɗaya suna jan kilowat 40. Awa 150 a wata ya zama yunit 6,000. Tun Afrilun 2024 masu layin da ake kira `Band A` suke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, kuma shi a kan wannan layin yake, don haka kuɗin wuta kaɗai ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In an koma janareto abin ya fi haka, domin litar gas ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce yunit uku zuwa uku da rabi. Abin mamaki, mutum yana neman miliyan 12 don sayen janareto, amma babu layin gas ko na lita ɗaya a cikin hasashen. Albashi kuma an bar yara huɗu a kan 30,000 kowanne har shekara uku, alhali aiki zai ninka, kuma tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma 70,000. Ko dokar ba ta hau kan ƙaramin wuri irin nasa ba, da ita ma'aikaci yake auna abin da ake ba shi.

Akwai layi ɗaya da nake nema a kowane fayil na ɗan kasuwa mai cin gashin kansa, kuma sau da yawa ba na samu: abin da maigida ke ɗiba don cefane, kuɗin makarantar yara, asibiti, biki da suna. Wannan bawan Allah yana da iyali babba, ba shi da wata hanyar samu sai injin, amma hasashen ya nuna ba zai taɓa ko sisi ba har wata talatin da shida. Na san zai ɗiba, kuma haƙƙinsa ne ya ɗiba. Abin da nake so shi ne a rubuta, domin tukunyar gida ba ta jiran banki.

Da na gyara, sai ya zama kowane buhu yana cin kusan 2,400 na wuta da buhunan zuba gari da dako, saura 4,250. Albashi, haya, gyara da abin da zai kai gida na sa su miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a wata, kuma na tausaya wajen sa wannan lambar. A buhu 750, abin da ya rage a hannu kusan miliyan 2 ne.

Yanzu sai jadawalin biyan rance. Akantan ya raba miliyan 40 gida 36 ya samu miliyan ɗaya da dubu ɗari da goma sha ɗaya, ya ɗora kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari, irin wanda ake ji a shirye-shiryen tallafi na gwamnati. Amma ba wannan rancen ya nema ba, na kasuwa ya nema. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5, kuma bankin kasuwanci ba ya ba ƙaramin ɗan kasuwa a ƙasa da hakan. A kan kashi 28, biyan kowane wata yana kamawa miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da hamsin. Ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ka je, inda za su sayi injin su sayar maka da riba a kan murabaha, akwai adadin da za ka riƙa biya duk wata, kuma wannan adadin na gaskiya shi ya kamata ya zauna a jadawali.

Ma'aunin da kwamitin rance ke fara tambaya shi ne: kuɗin da ya rage bayan duk kashe-kashe, sau nawa zai biya bashin wata? A takardar akanta amsar ta haura sau goma. Wannan kansa alama ce, domin sana'ar da ke samun haka ba ta buƙatar banki, wata biyu za ta sayi injin da kuɗinta. A nawa lissafin, miliyan 2 a kan miliyan 1.65 ya ba da 1.2. Yawancin masu ba da rance suna son ganin 1.25 zuwa 1.5, don a sami ɗan fili idan abu ya karkace. In ka juya lissafin ta wata fuska, sai ya niƙa ya kuma sayar da buhu 670 kowane wata kafin ya iya biyan yara da haya da banki, ba tare da ya ajiye komai ba. Mutumin da bai taɓa wuce 250 ba.

Ga kuma farashin masara da aka ajiye a 50,000 daga Janairu zuwa Disamba, shekara uku a jere. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Giwa ko Saminaka ya san masarar kaka daban, ta tsakiyar damina daban. Na gwada ƙara kashi goma kacal, wato 5,000 a buhu. A buhu 750 miliyan 3.75 ke nan, ya cinye miliyan biyun nan har ya bar rami. Za ka ce ai sai a ƙara kuɗin gari. Ana ƙarawa, amma gari ba ya tashi rana ɗaya da masara, yana biyo baya da sati biyu ko uku, kuma a wannan tsakanin banki zai cire kuɗinsa. Abin yana iya juyawa ta ɗaya gefen ma: waɗanda suka tara masara da tsada suka ga farashi ya faɗi a 2025 sun san zafin hakan. Ba na tsammanin mai neman rance ya san gaibu. Ina so dai in ga hasashen ya san akwai kaka akwai bazara, kuma an nuna watan da za a fi shan wuya da abin da za a yi a cikinsa.

Duk abin da na lissafa zuwa nan ana iya gyara shi da biro. Wanda ya sa na rufe fayil ɗin a ranar shi ne kuɗin juyawa, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu ƙananan masana'antu bayan sun karɓi rance, ba rashin riba ba. Masara a kasuwa kuɗi hannu ce, dillali ba ya jira. Gari kuwa rabinsa bashi ake bayarwa, masu shaguna su biya bayan wata, makarantun kwana su biya idan kuɗinsu ya fito. Jadawalin shige da ficen kuɗi ya nuna duk abin da aka sayar a wata an karɓi kuɗinsa a watan. Amma a bayan fayil ɗin, jadawalin masu bashi da shi da kansa ya haɗa ya nuna ana riƙe masa miliyan 11, miliyan 4 daga ciki sun haura kwana casa'in, kuma fiye da rabin duka a hannun mutum biyu. Takarda ɗaya ta ce ba ya ba da bashi, ɗayar ta ce kusan cinikin wata guda yana waje.

Mu auna abin da buhu 750 ke buƙata. Ajiyar masara ta sati biyu, don kada inji ya tsaya, kusan miliyan 19. Rabin garin wata da ke hannun masu shaguna, wani miliyan 19. Kusan miliyan 38 ke nan da za su kwanta a sito da hannun mutane kafin naira ɗaya ta dawo. Abin da yake juyawa da shi a lokacin bai kai rabin haka ba, rancen kuma kaf ɗinsa ƙarfe zai saya. Na taɓa zuwa duba wani wuri irin wannan bayan wata shida da ba da rance: sabon inji yana sheƙi, ledar da aka naɗe allon makunnansa ma ba a gama cirewa ba, sito wayam sai buhu goma sha biyu a lungu, maigidan yana zaune a benci yana jiran wani mai shago ya turo kuɗi ya sayi masarar gobe. Bai ci kuɗin kowa ba, bai yi wasa ba. An ba shi doki ne ba a ba shi ciyawa ba, kuma da laifinmu a ciki mu da muka amince da takardar. Tun daga ranar ban ƙara wuce wannan layin da sauri ba.

Bayanan asusu ma suna magana. A na mai injin na ga fitar naira 380,000 ranar biyar ga kowane wata zuwa wani ƙaramin banki, alhali a jadawalin basussuka an rubuta babu. Kafin a ba da rance dole banki ya nemi rahoto daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, kuma da lambar BVN ake nema, don haka bashin da aka ɓoye yana fitowa cikin minti kaɗan. Da ya rubuta shi da kansa, da sai in sa shi a lissafi mu wuce. Da na gano shi da kaina, sai tambayar ta tashi daga kan lissafi ta koma kan amana. Ya ce mantuwa ce, saura wata huɗu ya gama biya, kuma na yarda da shi, amma sai da na sha wahalar fahimtar da kwamiti. Wani abin da muke lura da shi shi ne kuɗi dunƙulalle, miliyan biyar cif ko goma cif, da ke shigowa daga ɗan'uwa ana saura wata biyu a nemi rance, ya kwana biyu ya koma inda ya fito. Kuɗin ciniki ba ya zuwa haka. Yana zuwa a gutsure, 216,000 yau, 540,000 gobe, daga sunaye daban-daban. In kuwa yawancin cinikinka da tsabar kuɗi ne ba ya bi ta asusu, to ka faɗa tun farko ka kawo littafin shago, sannan ka fara zuba kuɗin a asusu tun watanni kafin ka nema, domin abin da ba a gani ba ba a ƙirga shi.

Ƙananan abubuwa kuma ina duba su da sauri. Kuɗin da ya rage a ƙarshen Maris shi ne ya buɗe Afrilu? Sabon injin ya bayyana a jadawalin kadarori, rancen ya bayyana a na basussuka? Idan an turo fayil ɗin `Excel`, nakan danna kan jimillar ciniki in gani ko akwai lissafi a ciki irin `=B6*C6` ko kuwa da hannu aka buga lambar. In da hannu ne, to an fara zaɓar amsar ne sannan aka nemo mata hanya. Na sha ganin sunan wata sana'a daban a ƙasan shafi, alamar an ɗauko takardar wani an canza kai.

Wataƙila ka ce ai ka ba da jingina mai daraja. Shi ma mai injin ya kawo takardar gidansa, mai kyau, da rajistarta. Jingina ƙofar baya ce. Sayar da gidan mutum yana ɗaukar shekaru, ga kotu, ga baƙin jini a gari, kuma babu ma'aikacin da ke son ya zama sanadin fitar da iyali daga gidansu. Daga cinikin ake so a biya, shi ya sa gida mai tsada ba ya gyara hasashen da bai tsaya ba.

Na zaunar da shi na nuna masa duk wannan, layi bayan layi. Ransa ya ɓaci da farko, har ya ce in ba za a bayar ba a faɗa masa kawai. Bayan wata biyar ya dawo da takardu shafi shida maimakon talatin, shi da babban ɗansa suka zauna da akantan suka rubuta daga jan littafin nan. Ya ajiye maganar sabon janareto, ya gyara tsohon. Ya nemi miliyan 28 na inji kaɗai, da sabuwar takardar farashi, da sararin wata uku kafin a fara biyan uwar kuɗi. Ya gama da bashin ƙaramin bankin ya kawo takardar shaida. Ya sayar da wani fili ya zuba kuɗin a masara, ya kawo takardun diloli uku da za su riƙa ɗauka suna biya duk sati. Ya sa buhu 500 nasa a wata, sannan ya ƙara abin da babu shi a takardar farko: zai niƙa wa masu kaji da 'yan kasuwa buhu 250 nasu a kan ladan 4,500 kowane buhu, aikin da ba ya buƙatar ya sayi ko ƙwayar masara. Biyan wata ya sauko zuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari da sittin, abin da ke ragewa a hannu ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, ma'aunin ya ba da 1.4. A jadawalin ya nuna da kansa cewa Yuli da Agusta za su yi ƙunci, ya kuma rubuta buhunan da zai ajiye tun kaka saboda su. Ribar da ke wannan takarda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta farko ba, kuma ita kwamiti ya sa wa hannu.

Don haka, Alhaji, kafin ka koma, ka ɗauki takardun ka zauna da akantan a shagonka, ba a ofishinsa ba, da littafin ciniki da bayanan asusu na shekara guda a gabanku. Ka fara da abu ɗaya da kake sayarwa, buhu ne ko katan ko yadi, ka bi shi daga saye har ranar da kuɗinsa ya shigo hannunka, ka ƙirga kwanakin. Sannan ka je wurin ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka ka roƙe shi ya nuna maka layuka ukun da suka fi damunsa. Yawancinmu muna faɗa idan aka tambaye mu. In ka samu amsarsa, ka turo mini tare da jadawalin masu bashi da na biyan rance, in duba maka su in sha Allahu.